DAGA HOTON TAKARDAR GWAMNATI ZUWA KUNNEN JAMA'A: JAWABIN KWAMITIN MAGATAKARDA A TARON WAKILAN KASUWANNI, SABO, IBADAN

 

  

An umarce mu, mu 'yan kwamitin magatakarda, da mu yi bayani a kan wani aiki da kusan kowane wata sai ya faɗo mana. Wani zai ga takardar gwamnati a manne a ofis, ko a banki, ko a wayar abokinsa, sai ya ɗauki hotonta ya turo mana, ya ce, "Malam, me wannan ke cewa?" Kafin la'asar hoton ya zaga Sabo, ya kai Bodija, ya kai kasuwar shanu ta Akinyele. Ran taro kuwa sai a juyo a dube mu, a ce to ku da kuka yi boko, ku gaya mana da Hausa. To, yadda ake ɗaukar wannan hoto a mai da shi kanun bayani guda biyar ko shida waɗanda kowa zai gane, ya kuma yi aiki da su ba tare da ya yi asara ba, shi ne abin da za mu tattauna yau.

Ba za mu kawo misalai barkatai ba. Takarda ɗaya za mu ɗauka mu bi ta daga kai har ƙafa, kuma mun zaɓi wadda ta taɓa ba mu kunya a gaban jama'a, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya same mu a 2022

Kowa a nan ya tuna canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun N200 da N500 da N1,000. Sababbin za su fito ran 15 ga Disamba, tsofaffin kuma a daina karɓarsu bayan 31 ga Janairu 2023. Ana cikin haka, ran 6 ga Disamba 2022, sai Babban Bankin ya fitar da wata takarda dabam a kan iyakar tsabar kuɗin da mutum zai iya cirewa daga banki. Hoton wannan takarda ta biyu shi ne ya iso hannunmu.

Hoton da muka samu an ɗauke shi a karkace, an tura shi daga waya zuwa waya har rubutun ya dushe. Saman takardar, inda kwanan wata yake, ya yanke. Ƙasanta ma babu. Abin da ya fito sarai shi ne tsakiya: N100,000 a mako ga mutum, N500,000 ga kamfani, N20,000 a rana a wajen mai POS. Muka kwafe, muka fassara, muka ajiye sai ranar taro. Taron bai yiwu ba sai makon ƙarshe na Disamba.

Da muka gama karantawa sai wuri ya yi tsit, sannan ya kaure da salati. Wani dattijo mai fataucin shanu ya ce to shi ke nan, tafiyar da ya shirya zuwa Arewa ta fasu, don N100,000 ko ɗan maraƙi mai kyau ba za ta saya masa ba. Wata baiwar Allah mai sayar da abinci ta aiko a tambaya mata ko za a kama wanda aka samu da fiye da N20,000 a hannu. Ana cikin wannan sai wani yaro matashi mai sana'ar POS ya ɗaga hannu daga baya, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a gafarce ni, wannan takarda ai an janye ta. An fitar da wata tun ran 21 ga wata."

Gaskiyarsa ne. Kwana goma sha biyar kacal takardar farko ta yi aka sake ta. Mun tsaya gaban iyayenmu mun karanta musu takardar da ta riga ta mutu, mun tayar musu da hankali a banza. Fassararmu ba ta da kuskure ko ɗaya. Kuskuren yana can baya, tun kafin mu ɗora alƙalami. Wannan shi ya sa muke cewa fassara ita ce aiki na uku, ba na farko ba.

Aiki na farko: a gyara hoton

Hoto ba takarda ba ne, inuwarta ce kawai. Saboda haka abin da za a fara yi shi ne a tabbata inuwar ta cika. A duba kusurwoyi huɗu: shin ana ganin tambarin ma'aikatar da lambar takardar da kwanan wata a sama, ana kuma ganin sa hannu da sunan jami'in da ya sa a ƙasa? In babu sa hannu a hoton, to ku ɗauka akwai sauran shafi. A kuma bi lambobin sakin layi. In an fara daga 1 aka tsaya a 5 ba tare da jimlar rufewa ba, to 6 tana wani wuri.

Namu hoton a 5 ya tsaya. Sakin layi na 6, wanda ba mu gani ba, shi ne ke cewa idan akwai larura mai ƙarfi, sau ɗaya a wata, mutum na iya cire har N5,000,000, kamfani kuma har N10,000,000, in an cika wasu sharuɗɗa. Kun ga ke nan ko a takardar farko akwai ƙofar da aka bar wa ɗan kasuwa, ko da yake ƙofa ce mai wuyar shiga, domin sai da katin shaida, da lambar BVN, da takardar bayanin dalilin cire kuɗin wadda lauya mai izini ya shaida, da kuma amincewar shugaban bankin gaba ɗaya a rubuce, ba manajan reshe kaɗai ba. A can ƙasan kuma aka rubuta cewa abin zai fara aiki ne ran 9 ga Janairu 2023. Mu kuwa mun karanta kamar ya riga ya fara.

Don haka muna roƙon duk wanda zai ɗauko mana hoto, ya shimfiɗa takardar a kan tebur ko ya tsaya daidai gabanta, da hasken rana, shafi ɗaya hoto ɗaya, ya ɗauki dukkan shafuka har wanda yake ganin ba shi da amfani. In zai turo ta WhatsApp, ya turo ta hanyar Document maimakon hanyar hoto da aka saba, domin ta nan ba a rage mata kaifi. Da ta iso, magatakarda ya kwafe ta da hannu ko ya buga ta, sannan mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta lambobi daga hoton, ɗaya na duba kwafin. A hoton da ya dushe 3 da 8 'yan uwan juna ne, kuma sifiri ɗaya ne ya raba N10,000 da N100,000.

Aiki na biyu: a yi wa takardar tambayoyi huɗu

Tambaya ta farko, wa ya fitar da ita? Ta biyu, wa aka rubuta wa? Ta uku, wace irin takarda ce? Ta huɗu, tana raye har yanzu?

Ta farko mai sauƙi ce in saman takardar ya fito. Amma tambari a hoto ba hujja ba ne, don kowane yaro mai kwamfuta zai iya manna shi. Hujja ita ce a sami takardar a inda mai ita ke ajiye takardunsa. Babban Banki na sa irin waɗannan takardu a shafinsa na intanet, jere bisa kwanan wata. Da mun leƙa can da mun ga tamu, mun kuma ga ƙanwarta a samanta. In ba a sami mai leƙawa ba, a tura mutum reshen banki ko ofishin da abin ya shafa da hoton a hannu, a tambaya: wannan taku ce, kuma ita ake aiki da ita?

Tambaya ta biyu ita ce mutane suka fi mantawa. Takardar 6 ga Disamba ba mu aka rubuta wa ba. Bankuna aka rubuta wa, ana gaya musu abin da za su biya da abin da ba za su biya ba. Wannan kaɗai ya isa ya amsa tambayar waccan baiwar Allah mai abinci. Takardar ba ta ce kome ba game da kuɗin da ke cikin lalitarta ko ƙarƙashin katifarta, ba ta kuma ambaci kama kowa don ya riƙe kuɗi ba. Gargaɗin hukunci da ke cikinta bankunan da suka saɓa ko suka taimaka aka kauce wa tsarin ya fuskanta. Idan magatakarda bai lura da wanda ake yi wa magana ba, sai ya ɗauko barazanar da aka yi wa banki ya jibga wa mai tuwo.

Tambaya ta uku tana buƙatar natsuwa, domin a bakin jama'a duk takardar da ta fito daga gwamnati sunanta "doka". Alhali kuwa iri-iri ce. Akwai takardar bayanin manufa, wadda masana ke rubutawa su ce ga matsala, ga abin da muke ba da shawara a yi. Wannan ba ta ɗaure kowa. Akwai daftari, wanda sau da yawa za ku ga an rubuta Draft a kansa. Shi ma magana ce ake kan yi. Akwai ƙudurin da ke gaban majalisa, wanda bai zama doka ba tukuna. Akwai umarnin hukuma ga waɗanda ke ƙarƙashinta, kamar wannan tamu. Sannan akwai doka sosai, wadda majalisa ta zartar aka sa mata hannu. Kalma ta farko da za ta fito daga bakin mai karantawa a taro ita ce ta faɗi wanne ne daga cikin waɗannan. "Ana shawara" dabam, "an umarci bankuna" dabam, "an kafa doka" dabam.

Tambaya ta huɗu ita ta kayar da mu. Kuma akwai tarko a cikinta da ya kamata ku sani. A kan takardar farko akwai kalmar Revised, wato "wanda aka sake". Da muka ji ƙishin-ƙishin ɗin an yi gyara, muka duba hotonmu muka ga wannan kalma, sai muka ce ai gyararriyar ce a hannunmu. Ashe abin da take nufi shi ne an sake iyakar da ake da ita tun da can. Takardar 21 ga Disamba kuwa kan maganarta kusan ɗaya ne da na farkon. Abin da ke raba su shi ne kwanan wata da lambobin ciki. To daga ranar muka kafa ƙa'ida: ko an duba takarda jiya, a sake dubawa da safen ranar taro.

Aiki na uku: a tace, a fassara, a yi lissafi

In an tabbatar da takarda, sai a ɗauko fallen takarda a ja layi biyu, ya zama gida uku. Gida na farko, abin da takardar ta faɗa da bakinta. Gida na biyu, abin da muka fahimta ko muka lissafa da kanmu. Gida na uku, tambayoyin da ba mu samo amsarsu a cikinta ba. Kada abin gida ɗaya ya tsallaka wani gida, domin ranar da abu ya ɓaci jama'a za su ce "ku kuka ce", kuma dole mu iya nuna wanne ne maganar gwamnati, wanne ne tamu.

Daga nan sai tacewa. Ba duk abin da ke cikin takarda ne ya shafi mai sauraro ba. A takardar akwai batun rahoton da bankuna za su riƙa aika wa Babban Banki duk wata. Wannan nasu ne, sai a bar shi. Ma'aunin shi ne: in Alhaji ya ji wannan, akwai abin da zai yi ko zai fasa yi gobe da safe? In babu, ba ya shiga kanun bayani.

Sai kalmomin da fassararsu ke yaudara. Mu ɗauki guda uku.

Ta farko, "mutum" da "kamfani". Da dattawanmu suka ji kamfani na da iyaka mafi girma, sai manyan 'yan kasuwa suka ɗauka su ne kamfani, tunda suna loda tirela. Ba girman ciniki ake dubawa ba, irin asusun ake dubawa. Wanda ya buɗe asusu da sunansa na yanka, ko yana juya miliyan ɗari, a layin mutum ɗaya yake. Saboda haka ba mu cewa "ɗan kasuwa" ko "kamfani" kawai, sai mu ce "asusun da ke da sunanka" da "asusun da aka buɗe da takardun rajistar kamfani".

Ta biyu, "cire kuɗi". Takardar tsabar kuɗi take nufi, wato wanda za a ƙirga maka a hannu. Ba ta taɓa taransifa ba. Wanda zai biya mai shanu N3,000,000 daga asusu zuwa asusu, wannan iyaka ba ruwanta da shi. In ba a faɗi haka ƙarara ba, mutum zai tafi gida yana ganin an kulle masa dukiyarsa.

Ta uku, "iyaka". Iyaka na nufin ba za a wuce nan ba sai da sharaɗi. Ba ta nufin an yi alkawarin za a ba ka har nan. Duk wanda ya yi layin banki a watan Fabrairu 2023 ya san bambancin, lokacin da takarda ke cewa N500,000 amma a kanta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ake miƙo wa mutum, in ma an samu.

Bayan kalmomi sai lissafi. Jama'armu sun fi kowa iya lissafin kuɗi, amma "kashi 3 cikin ɗari" ba ya zama a kai kamar yadda Naira ke zama. Don haka kowane kashi a mai da shi kuɗi, a kuma kawo misali da adadin da mutanenmu ke cirewa da gaske. A ce mai albasa na son tsabar N800,000 cikin mako ɗaya daga asusun da ke da sunansa. A takardar farko iyakarsa N100,000, ladan abin da ya wuce kuma kashi 5 cikin ɗari, wato N50 a kowace N1,000. Abin da ya ɗora a kan iyaka N700,000 ne, ladan ya kama N35,000. A takarda ta biyu iyakarsa N500,000, ladan kashi 3 cikin ɗari, wato N30 a kowace N1,000. Abin da ya ɗora N300,000 ne, ladan ya kama N9,000. Kun ga tsakanin matacciyar takarda da rayayya akwai N26,000 a ciniki ɗaya.

Amma a lura, wannan lissafi a gida na biyu yake. Mun yi shi ne a bisa cewa ana cire ladan daga rarar da ta hau kan iyaka, kamar yadda aka saba a tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da aka fara a Legas a 2012. Wani zai iya karanta jimlar ya ɗauka a kan kuɗin gaba ɗaya ne, sai ya sami N24,000 maimakon N9,000. Inda jimla ke karɓar fahimta biyu haka, a faɗi wadda muka ɗauka da dalilinmu, a kuma sa mutum ya tabbatar a bankinsa kafin ya sa hannu.

Yadda ya kamata mu karanta a ranar

Ga kanun bayanin da ya kamata a ce mun shiga taron da su a makon ƙarshe na Disamba 2022. Muna jan kunne, waɗannan na wancan lokaci ne, mun kawo su ne don a ga siffarsu. Kada wani ya ɗauke su ya tafi banki da su gobe.

1. Wannan umarni ne daga Babban Banki zuwa ga bankuna, mai kwanan wata 21 ga Disamba 2022. Ya maye gurbin na 6 ga Disamba mai maganar N100,000. Wanda ke da hoton wancan a waya ya goge.

2. Zai fara aiki ran Litinin 9 ga Janairu 2023.

3. Asusun da ke da sunanka: tsabar kuɗi har N500,000 a mako, a haɗa na kanta da na ATM da na POS. Asusun kamfani mai rajista: har N5,000,000 a mako.

4. Wanda larura ta sa zai wuce haka, sai ya nema da takardun shaida da amincewar shugaban banki, kuma akwai lada: N30 a kowace N1,000 ga mutum, N50 ga kamfani.

5. Cakin da wani ya rubuta maka, in ya wuce N100,000, ba za a biya ka tsaba a kanta ba, sai ka zuba shi a asusu.

6. Wannan bai shafi taransifa ba, bai shafi kuɗin da ke hannunka ba. Kuma ba shi ne maganar tsofaffin kuɗi ba. Wa'adin tsofaffin N200 da N500 da N1,000 shi ne 31 ga Janairu 2023. Wanda ke da su ya kai banki tun da wuri.

Ku dubi yadda aka gina su. Kowanne magana ɗaya ce, mai karantawa zai iya faɗinta da numfashi ɗaya ko biyu. Na farko ya faɗi wace takarda ce, ya kuma binne tsohuwar. Na ƙarshe ya faɗi abin da takardar ba ta shafa ba, domin jita-jita a nan take yin gida. Mun kuma raba ranaku biyu da mutane ke cakuɗawa, 9 ga wata da 31 ga wata, tunda takardu biyu ne dabam. Ba mu sa ra'ayinmu ba. Ko tsarin ya yi mana daɗi ko bai yi ba, wannan magana ce ta bayan karatu, a bakin shugabanni da jama'a. In magatakarda ya gauraya fushinsa da fassara, ran da za a rubuta wa hukuma koke sai a rasa abin da ta faɗa da abin da muka ɗora mata.

Kafin a shiga taro, da kuma bayan an fito

In an gama rubutu, kada a wuce da shi kai tsaye gaban jama'a. A sami mutum biyu da ba su ga takardar ba, dattijo ɗaya daga kasuwa, da uwa ɗaya daga cikin gida. A karanta musu sau ɗaya, sannan a ce, "Baba, in wani ya tambaye ka me aka ce, me za ka gaya masa?" Abin da ya maimaita shi ne abin da zai zaga gari, ba abin da muka rubuta ba. In ya ce "an hana cire fiye da dubu ɗari biyar", to na 4 bai shiga ba, a sake gina shi. In Inna ta ce "ran tara ga wata kuɗi za su mutu", to na 6 na buƙatar gyara.

A yi kwafi da boko, a yi da ajami, domin da yawa daga cikin iyayenmu ajamin ya fi musu sauƙi. A ba wakiliyar mata nata ta kai makarantar Islamiyya, tunda masu adashi da masu sayar da abinci su ne ke riƙe da tsabar kuɗi kullum, kuma yawancinsu ba sa zuwa wannan zaure. A taro kuwa, tambayar da ba ta cikin takarda kada a amsa ta da ka don gudun kunya. A rubuta ta a gida na uku, a faɗi sunan wanda zai je ya tambayo da ranar da zai kawo amsa.

Abu na ƙarshe, kanun bayani suna tsufa kamar yadda takardar gwamnati ke tsufa. Ku dubi abin da ya sami na 6 ɗin nan namu. Ran 29 ga Janairu 2023 aka ɗaga wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Ran 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya ce tsohuwar N200 ta ci gaba da yawo har 10 ga Afrilu. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce dukkan tsofaffin uku su ci gaba har 31 ga Disamba 2023. Ran 29 ga Nuwamba 2023 kotun ta sake cewa su ci gaba ba tare da an sa rana ba. Layi ɗaya ya canza sau huɗu cikin shekara guda. Saboda haka a saman kowane kwafi da zai fita daga hannunmu a rubuta da manyan baƙaƙe: an shirya wannan ran kaza, daga takarda mai kwanan wata kaza. Wanda kuma ya karanta a taro, shi ke da alhakin dawowa ya ce an canza, a wannan zaure, gaban mutanen nan.

Muna roƙon mai girma Sarki da shugabannin kasuwanni su amince mana da abu biyu. Na ɗaya, kowace kasuwa ta ware mutum biyu da za su riƙa wannan aiki tare, kada a bar shi a hannun mutum ɗaya. Na biyu, kada a yi shelar wata takardar gwamnati a masallaci ko a kasuwa da sunan ƙungiya sai ta bi ta hannunsu. Shi kuma wancan matashi da ya tsayar da mu a ranar, tuni muka jawo shi cikin kwamiti, kuma shi ne yanzu ke duba mana kwanan wata.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfanar da mu, inda muka yi kuskure ku gafarce mu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.